Wasiƙa Mai Layi Huɗu

Duk wanda ya taɓa neman aiki, ko afuwa, ko ƙarin wa'adi a layin da ke bayan kotu ya san Sakatariya. Ba ta taɓa zama sakatariyar kowa ba. Sunan ne kawai ya bi ta tun tana 'yar shekara goma sha tara, lokacin da ta fara zama gaban tafireta a wani ɗan shago da mutum uku ke cika shi. Yanzu shekararta arba'in da ɗaya. Tafiretar ta koma saman kabad an lulluɓe ta da tsohon zane, kwamfuta da firinta da injin kwafi sun maye gurbinta, amma shagon bai ƙaru da ko taku ɗaya ba. Benci ɗaya ne na masu jira, sai fanka mai ƙara, sai jan biro da take saƙalewa a bayan kunne saman ɗankwali.

Aikinta a takarda buga rubutu ne, amma kowa ya san ba don bugu ake zuwa wurinta ba. Mutum zai shigo da damuwarsa a dagule, ya yi ta kame-kame, ita kuwa tana kallon bakinsa. In ya gama sai ta yi masa tambaya biyu ko uku, ta juya ga kwamfuta, kafin ya gama share gumi wasiƙa ta fito. Kuma wasiƙar Sakatariya ba ta shiga ofis kai tsaye. Sai ta gaida mai ofis, ta yaba adalcinsa ko da ba ta taɓa ganinsa ba, ta kawo tarihin mai ƙorafi da yawan bakunan da yake ciyarwa, sannan a shafi na biyu ta ajiye buƙatar a hankali. Akwai direban da aka kora aka mayar saboda wasiƙarta. Akwai malamar makarantar da aka tura nesa da 'ya'yanta aka dawo da ita. A wurin Sakatariya gajeriyar wasiƙa rashin kunya ce, kuma ta sha faɗa wa masu jira cewa takardar da ba ta cika shafi ba, ƙasan tire take kwana har ta yi ƙura.

Da abubuwa sun tafi yadda aka zata, ba a bayan kotu za ta ƙare ba. A makaranta ita ce ake karanta insha'inta na Turanci a gaban aji, ana cewa sauran su ji yadda ake rubutu. Tana ajin ƙarshe mahaifinsu ya rasu, ya bar Inna da ita da wata 'yar ƙanwa mai shekara uku. Ba wanda ya ce mata ta bar karatu. Ta duba gidan ne kawai ta ga babu wani sai ita, ta ninke takardunta ta sa a ƙasan akwati, ta tafi koyon bugu.

Wannan ƙanwar ita ce Auta. A kan bencin shagon ta koyi haɗa baƙi, Sakatariya na buga wa mutane takardu da hannu biyu tana gyara mata da baki. Ita ta koya mata inda ake sa waƙafi, ita ta yi ta zane mata littafi da jan biro har yarinyar ta yi kuka. Auta ta girma, ta yi makarantar jinya, ta zama nas a babban asibiti, doguwa mai fara'a, irin mutanen da in sun shigo ɗaki kowa ke gyara zama. Sakatariya na son ta, wannan ba ƙarya a ciki. Amma tun ranar da Auta ta fara sa fararen kaya, Inna ta koma cewa "bari mu ji ta bakin nas" ko da zancen gyaran famfo ake yi, wani abu ya tokare wa Sakatariya a ƙirji. Ta san sunansa sarai, ƙyashi ne, sai dai ba ta taɓa kiran sa da sunan ba ko a zuci.

Sai ga wani asibiti a ƙasar waje ya ba Auta aiki, da sharaɗi ɗaya: ta ci jarrabawar Turanci mai kashi huɗu, sauraro da karatu da magana da rubutu, ta samu aƙalla maki bakwai a kowane kashi. Sun ce za su riƙe mata gurbin wata uku. Gidan ya ɗauki murna kamar har ta hau jirgi. Inna ta fara tambayar ko can akwai sanyi. Maƙwabta suka fara kiran Sakatariya "yayar mai tafiya", ita kuma tana yaƙe tana amsawa, kalmar na sukar ta. Shekara ashirin da biyu tana rubuta wa mutane hanyar fita daga matsala, ita ba ta taɓa wuce tashar mota ba sai rakiya.

Sati biyu bayan jarrabawar, da hantsi, Auta ta shigo shagon da kayan aiki a jikinta, ta ajiye takardar sakamako a kan madannan kwamfutar ba ko sallama.

"Yaya, duba."

Sakatariya ta duba. Sauraro takwas. Karatu takwas. Magana bakwai da rabi. Rubutu shida da rabi.

"Rabin maki, Yaya," in ji Auta. "Duk gwajin da na yi kafin jarrabawa ban taɓa sauka ƙasa da bakwai ba. Wallahi na amsa tambayoyin biyu, na ƙirga kalmomina, har lokaci ya rage mini na sake karantawa. Ban san ta ina aka yi ba."

Gaskiya ɗaya ce, a wannan lokacin ran Sakatariya ya yi fari ƙal. Wani sanyi ya sauko mata tun daga wuya har ciki, irin wanda ta daɗe ba ta ji ba. Rubutu! Duk cikin kashi huɗun, rubutu ne ya kayar da nas. Ashe dai akwai abin da fararen kaya ba sa bayarwa. Ta yi sauri ta sunkuyar da kai kamar tana sake karanta lambobin, don ta ji kumatunta na neman tona mata asiri.

"Ayya," ta ce. "Ayya, Auta. Sannu."

Auta ta zauna a benci ta share ido, ta yi mata bayanin abin da aka gaya mata a cibiyar jarrabawar. Ana iya neman a sake duba kashin rubutun. Za a cike fom, a haɗa da wasiƙa mai sa hannunta da ainihin takardar sakamakon, a biya kuɗin dubawa, in makin ya ƙaru a mayar mata da kuɗin. Wani babban mai duba takardu ne zai sake yi wa rubutun maki. Amma dole a shigar da buƙatar cikin sati shida daga ranar jarrabawa, ga shi biyu sun riga sun tafi. In ba haka ba sai dai ta sake zama jarrabawar gaba ɗaya, kuma gurbin zama na kusa da ta samu, sakamakonsa ba zai fito ba sai wa'adin asibitin ya wuce.

"Ke za ki rubuta mini, Yaya. Irin wadda kike rubuta wa mutane. Ni yanzu ko sunana na rubuta sai in ga kamar da kuskure."

"Bar mini," in ji Sakatariya. Ta buɗe aljihun tebur ta sa takardar sakamakon da fom ɗin a ciki, ta rufe.

Sati guda ya wuce. Auta na aikin safe, tana tashi ta biyo ta shagon, Sakatariya ta ce aiki ya yi mata yawa, gobe. Sati na biyu ta ce irin wannan wasiƙa ba a yi mata gaggawa, tana tunanin ta inda za ta ɓullo mata. A cikin kwanakin nan ta rubuta wa wani mai gadi neman afuwa shafi biyu, ta rubuta wa wata bazawara ƙorafi a kan mai gidan haya har matar ta fashe da kuka da aka karanta mata. Aljihun teburin kuwa sau goma take buɗe shi a rana don ɗauko abin maƙala takarda, kullum shida da rabin na kallon ta, kullum sai ta ɗan ji daɗi, sannan ta ji kunyar jin daɗin.

Mai Hoto, wanda shagonsa ke manne da nata, shi ya fara sa mata ido. Tsoho ne mai tsokana, shekara goma sha biyar suna raba wutar lantarki da faɗa. Ya leƙo wata rana yana goge gilashin kyamararsa.

"Sakatariya, ina wasiƙar 'yar ƙanwar tamu? Jiya ta zo na ɗauke ta hoton fasfo, duk ta rame."

"Tana nan tafe."

"Tafe daga ina? Ke da kike gama wasiƙa kafin in ce wa mutum ya ɗaga haɓa? Ko dai yatsun ne suka tsufa?"

"Kai dai je ka ɗauki mutane suna lumshe ido, abin da ka iya ke nan."

Ya tafi yana dariya, amma maganar ta zauna mata. A gida ma Inna ta tare ta tana tsintar shinkafa a tire, ba ta ko ɗago ba.

"Ke, yarinyar nan ba ta cin abinci. Ki taimaka ki rubuta mata abin nan mana. Ke kaɗai muke da ita a wannan fanni."

A wannan fanni. Sakatariya ta maimaita kalmar a ranta har ta kai ɗaki. Wato ita fanni ce, kamar mai gyaran takalmi, a tuna da ita in abu ya tsinke. Auta za ta tafi inda ake tafiya, ita kuma a bar ta da fanni da fanka mai ƙara.

Saura kwana uku wa'adi ya cika ta zauna rubutawa. Hannu ya riga zuciya: kafin ta ankara ta cika shafi guda, ta gaida shugabannin cibiya, ta kawo maraicin Auta, ta kawo marasa lafiyar da take kwana a kansu, ta kawo makin sauran kashi ukun ta jera su kamar shaidu a kotu. Ta karanta, ta san ba ta taɓa rubuta wadda ta kai ta ba. Ta tabbata duk wanda ya karanta wannan sai ya nemo rabin maki ko a ina yake. Nan take ta ji ba za ta iya ba. Da hannunta za ta buɗe wa Auta ƙofar da aka rufe mata ita? Ta danna ta goge shafin duka, ba ta ajiye kwafi ba.

Sai ta rubuta wata. Sunan Auta kamar yadda yake a rajista. Lambar jarrabawa da ranar da aka zauna. "Ina neman a sake duba kashin rubutu na jarrabawata." "Na haɗa da fom da takardar sakamako." Layi huɗu, ba gaisuwa, ba yabo, ba roƙo. A iya saninta wannan takarda ta mutu tun kafin ta fita daga firinta.

Da ta zo kan lambar jarrabawar, shaiɗan ya ƙara matsowa. Lambobi shida ne a jere. In ta juya biyun ƙarshe, wa zai ce da gangan ne? Kafin a gano a dawo da takardar, wataƙila wa'adi ya wuce. Ta juya su. Ta buga, takardar ta fito da ɗumi, ta riƙe ta tana kallon lambobin nan biyu a karkace. Ba tausayin Auta ne ya kama ta ba, kada a yi mata ƙaryar kirki. Abin da ya kama ta shi ne, shekara ashirin da biyu ba a taɓa dawo mata da takarda an ce ta yi kuskuren lamba ba, kuma ba za a fara a kan 'yar da ta koya wa ƙirga ba. Ta yayyaga takardar, ta gyara lambar, ta duba ta sau uku da ɗan yatsa a kan takardar sakamakon, ta sake bugawa.

Da la'asar Auta ta zo sa hannu. Ta karɓi takardar ta karanta, ta juya bayanta, fari fat. Ta leƙa kan tebur ko akwai shafi na biyu.

"Shi ke nan, Yaya?"

"Shi ke nan."

Auta ta tsaya tana kallon ta. A kan bencin nan ta girma, ta ji an karanta ɗaruruwan wasiƙun yayarta, ta san ko mai neman a mayar masa da akuyar da aka kama ba a sallamar sa da layi huɗu. Sakatariya ta ƙura wa kwamfuta ido tana motsa abin da ba ya buƙatar motsi. Fanka na ta ƙara. Can Auta ta ɗauki biro ta sa hannu a wasiƙar da fom ɗin, ta ciro rasit ɗin biyan da ta riga ta yi ta ɗora a kai.

"Gobe da jibi ba zan samu fita daga asibiti ba. Sun ce wani zai iya kai mini in na sa hannu. Ki kai mini, don Allah."

Ba ta jira amsa ba ta fita.

Washegari Sakatariya ta rufe shago ta hau mota zuwa cibiyar. Hawa na biyu ne a wani dogon gini, ɗaki mai sanyin na'ura da kujerun roba a jere. A bayan tebur wata mata ce mai tabarau, magatakardar wurin, gabanta wani saurayi ya dage yana miƙa mata takardu shafi uku yana cewa ta karanta ta ji irin zaluncin da aka yi masa. Matar ta ce ya bar su, ta nuna masa inda bai cike ba a fom. Da layi ya zo kan Sakatariya ta miƙa ambulan, tana jiran a yatsina fuska.

Magatakardar ta zare wasiƙar, ta kalle ta, ta gwada lambar da ta kwamfutarta, ta buga hatimi.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce. Yayarta ce ni."

"Allah ya yi miki albarka, baiwar Allah. Da kowa zai rubuta haka da na huta. Suna, lamba, rana, kashin da ake so. Abin da nake nema ke nan."

Sakatariya ta ji kamar ba ta ji daidai ba. "Amma ai babu bayani a ciki. Mai dubawar ba zai so ya san halin da take ciki ba?"

Matar ta yi murmushi ta cire tabarau. "Mai dubawa ba ya ganin wasiƙar nan ko kaɗan. A fayil ɗina take tsayawa. Shi rubutun jarrabawar kawai ake tura masa, ba a ma gaya masa makin da na farko ya bayar, don kada ya bi sawunsa. Ya karanta ya ba da nasa. In ya ƙaru mu fitar da sabuwar takarda, in bai ƙaru ba tsohon makin na nan. Ki ce mata ta saurare mu nan da sati uku, kuma kafin nan ba za ta iya aika sakamakon ko'ina ba."

Sakatariya ta sauko matakalar tana riƙe da ƙarfe. Haushi biyu ne suka haɗu mata, ta rasa wanda za ta fara ji. Na farko, muguntar da ta ƙulla ta zama gwaninta har da sa albarka. Na biyu ya fi ciwo: ashe ko wasiƙar da ta goge ta kawo, mai shafi guda, wadda ba ta taɓa rubuta kamarta ba, a fayil za ta kwana. Nan wurin ba a buƙatar Sakatariya, ba ta iya taimako ba ta iya cutarwa. Rubutun Auta ne zai tsaya shi kaɗai a gaban wani baƙo. Abin da ya rage mata shi ne fata, kuma da ta zauna a mota ta binciki ranta, ta tarar fatan nata bai sauya ba. So take shida da rabin ya tabbata.

Kwana goma sha shida ta yi da wannan fata a ciki. Auta ta daina biyowa ta shago. A gida suna gaisawa, suna cin abinci a kwano ɗaya, Auta na ba Inna labarin asibiti, amma in idonsu ya haɗu sai ta kawar da kai. Ba ta yi mata zancen wasiƙar ba ko sau ɗaya, kuma shirun ya fi wa Sakatariya zafi a kan a zage ta.

Ran na goma sha bakwai, tana tsakiyar buga wa wani takardar haya, wayarta ta yi ƙara, ta ɗauka, ta ji guɗar Inna tun kafin ta kai ta kunne. Bakwai. An mayar da shi bakwai.

Kafin azahar labari ya zaga layin. Inna da kanta ta zo shagon, abin da ta shekara ba ta yi ba, ta tsaya a ƙofa tana gaya wa duk mai wucewa.

"Wasiƙar yayarta ce! Layi huɗu kacal ta rubuta musu, suka ga ba wasa, suka gyara. Ni dama na san hannun yarinyar nan ba na banza ba ne."

Shekara nawa Sakatariya ta yi tana jiran Inna ta yabe ta a gaban mutane, sai yau, a kan abin da ta yi don ya lalace. Mai Hoto ya leƙo ya ce daga yau shi ma layi huɗu yake so, a daina cika masa kunne. Masu jira suka yi dariya. Sakatariya ta yi dariyar yaƙe ita ma. Ta buɗe baki ta ce ai ba a ma karanta wasiƙar, Inna ta ce a rabu da ita, kunya ce kawai, kullum ba ta son a yabe ta.

Bayan kwana biyu, da safe kafin mutane su taru, Auta ta shigo da fayil a hannu. Ta gaishe ta, ta zauna a bakin benci. Sakatariya ta yi ta jera takardun da suke a jere. Daga baya ta ga in ba ta faɗa yanzu ba, abin zai bi Auta har jirgi ya bar ta da shi.

"Auta, wasiƙar nan. Ba don ta yi aiki na rubuta ta haka ba."

"Na sani, Yaya."

"Baƙin ciki na yi miki. Ranar da kika kawo sakamakon nan, daɗi na ji."

"Na gani a fuskarki." Auta ta faɗa a hankali, tana kallon fayil ɗin da ke cinyarta. "Na yi kuka a hanya, ba don rabin makin ba. Na yi ta cewa ko idona ne. Da na ga layi huɗun sai na daina cewa."

Sakatariya ta jira ta ji an ce ba komai, ko an yafe, ko ma a yi mata faɗa ta samu abin kamawa. Auta ba ta ce ko ɗaya ba. Ta buɗe fayil ɗin ta zaro takarda guda, bugaggiya tsaf.

"Wasiƙar karɓar aikin ce, zan haɗa da sabon sakamakon in aika wa asibitin. Na rubuta, na buga a wurin aiki. Kwafi biyu kawai nake so."

Tun da Auta ta iya riƙe fensir, takarda ba ta taɓa fita daga hannunta zuwa wani ofis ba sai ta bi ta ƙarƙashin jan biron Sakatariya. Yau kwafi aka zo yi, kamar kowane baƙo. Sakatariya ta karɓa ta nufi injin, amma ba ta ɗora ba. Ta tsaya a tsaye ta karanta. Rabin shafi ne, godiya a taƙaice, ranar da za ta iya fara aiki, takardun da ta haɗa. Ta sake karantawa daga farko, hannunta ya kai bayan kunne ya zaro biron da kansa. Waƙafi ɗaya take nema, harafi ɗaya da ya kauce, kalma ɗaya da za ta ce da an sa wata ta fi. Ta bi layi-layi da bakin biron har ta kai sa hannu. Ta koma sama ta sake bi a karo na uku.

Auta na kallon ta daga benci.

"Akwai gyara, Yaya?"

Sakatariya ta ɗago kai daga takardar. Ta so ƙwarai a ce akwai.

"Babu," ta ce.

Ta ajiye biron a kan tebur, ta ɗaga murfin injin, ta kwantar da takardar ta daidaita gefenta, ta danna biyu.